Katin Bita: Yadda Ake Riƙe Jimlar da Aka Fassara

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa karɓar littattafan rubutu na ɗaliban sakandare a Tudun Wada, ko Kiru, ko Bebeji, ko Doguwa, zai iya shaidar wani abu guda. Idan ya buɗe shafukan ƙarshe na littafin, sau da yawa yakan tarar da rubutu kashi biyu: Turanci a hagu, Hausa a dama. Waɗannan su ne jimlolin da ɗalibi ya ci karo da su a darasi bai gane ba, ya tambayi malami, ko ya duba ƙamus, aka fassara masa, ya rubuta don kada ya manta. Dalilin wannan ɗabi'a a fili yake. Ɗalibin yana magana da Hausa a gida da gona da kasuwa, amma da Turanci ake koya masa kimiyya, da shi kuma zai amsa tambayoyin WAEC da NECO.

Abin baƙin ciki shi ne, yawancin abin da ke cikin waɗannan shafuka a nan yake kwana. Bayan mako uku, idan aka rufe ɓangaren Turanci aka ce wa ɗalibin ya faɗi jimlolin da bakinsa, kaɗan ne za su fito. Shi kuwa sai ya ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsa, ya ce Allah bai yi shi mai riƙe karatu ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa laifin na hanyar bitar ne, kuma gyaransa ba ya buƙatar abin da ya wuce takarda, da almakashi, da ƙaramin kwali, da minti goma a kowace rana.

Yadda mantuwa take tafiya

Mutumin da ya fara auna mantuwa da lissafi wani Bajamushe ne mai suna Hermann Ebbinghaus, wanda ya wallafa sakamakon bincikensa a shekarar 1885. Ya haɗa jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya haddace su shi da kansa, sannan ya bar su na wani lokaci, ya dawo ya sake haddace su. Abin da yake aunawa shi ne sauƙin da ya samu a karo na biyu. Idan haddar farko ta ci minti 10, ta biyu kuma ta ci minti 6, to ya samu rangwamen kashi 40 cikin 100, kuma wannan rangwame shi ne ma'aunin abin da ya saura a ƙwaƙwalwa.

Ya gano cewa bayan minti 20 rangwamen yana wajen kashi 58 cikin 100. Bayan awa ɗaya ya sauko zuwa 44, bayan kwana ɗaya 34, bayan wata ɗaya kuwa 21. Mai karatu ya lura da yadda alƙaluman suka jeru. Asarar da aka yi a awa ta farko ta fi wadda aka yi a cikin sauran watan gaba ɗaya. Wato mantuwa takan fara da gudu, sannan ta koma tafiya a hankali. Jimla mai ma'ana ba ta zubewa da saurin gaɓoɓin Ebbinghaus, domin tana da abin da za ta maƙale a jikinsa, amma ita ma wannan gangare take bi.

Ebbinghaus ya gano wani abu na biyu, wanda shi ne tushen maganarmu. Ya maimaita wani jeri mai gaɓa 12 har sau 68 a zama ɗaya. Ya kuma gwada maimaita irin wannan jeri sau 38 kawai, amma a rarrabe cikin kwana uku. Washegari sakamakon duka biyun ya zo daidai. Aikin da aka rarraba ya kusa zama rabin wanda aka yi a zama ɗaya, amma amfaninsu ɗaya. Wannan shi ne abin da za mu kira bita mai tazara: a maimaita abu kaɗan-kaɗan, ana barin rata tsakanin bita da bita, ana kuma ƙara faɗin ratar duk lokacin da aka tuna.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin tsangaya yana wanke allo ya rubuta sabon karatu, amma ba ya barin tilawar abin da ya wuce. Malamansa sun daɗe da sanin cewa haddar da ba a komawa kanta ba ta zama. Abin da masana suka ƙara shi ne lissafin ranar da ya kamata a koma.

Kallo daban, tunowa daban

Akwai tambayar da ta rage. Idan ɗalibi ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa kowane mako ya karanta jimlolin daga sama har ƙasa, ashe bai yi bita mai tazara ba? Amsar tana cikin wani gwaji da Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka wallafa a Amurka a shekarar 2008. Sun ba ɗaliban jami'a kalmomin Swahili guda 40 tare da fassararsu ta Turanci, kowa ya koya har ya iya faɗin kowace kalma daidai sau ɗaya. Daga nan aka bambanta su. Wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kan duk kalmomin, suna nemo amsa da kansu. Wasu kuwa da zarar sun ci kalma sau ɗaya, ba a sake tambayarsu ita ba, ko da kuwa sun ci gaba da karanta ta.

Bayan mako ɗaya aka jarraba kowa. Waɗanda aka riƙa tambaya sun tuna wajen kashi 80 cikin 100. Sauran kuwa sun tsaya a wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma yawan sake karantawa bai ɗaga su ba. Wani abin lura shi ne, kafin jarrabawar an tambayi ɗaliban nawa suke zaton za su tuna, sai kowane rukuni ya ce wajen rabi. Wato su da kansu ba su ji bambancin ba a lokacin da suke karatun.

A nan ne shafin bayan littafi yake yaudarar mai shi. Tambaya da amsa suna gefe da gefe, ido yana ganin su tare, zuciya ta ce "na san wannan". Gane abu idan an gan shi aiki ne mai sauƙi, amma fito da shi daga ƙwaƙwalwa ba tare da an gani ba wani aiki ne daban, kuma shi ake nema a ɗakin jarrabawa. Amfanin kati shi ne yana ɓoye amsa a bayansa, ya tilasta wa mutum ya nemo ta kafin ya juya.

Yadda ake rubuta kati

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a garin Tudun Wada, wadda ta tara jimloli a bayan littafinta na Turanci da na ilmin aikin gona. Za ta samu takarda mai ɗan kauri, irin bangon tsohon littafin rubutu ko kwalin da ba a yi rubutu a kansa ba, domin tawadar biro tana fitowa ta bayan takarda mai laushi, amsa ta tonu. Idan falle ɗaya na takardar A4 ne, a naɗe shi sau uku a yanka, zai ba da kati 8. A gaban kowane kati za ta rubuta Hausa, a bayansa Turanci.

Kafin ta rubuta ko ɗaya, sai ta tabbatar da ingancin fassarar. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, domin bita mai tazara ba ta bambanta daidai da kuskure. Duk abin da aka ba ta shi za ta kafe, kuma cire kuskuren da aka yi wata biyu ana bitarsa ya fi koyon sabon abu wuya. Fassarar da aka samo daga aboki ko daga waya, a kai wa malami ya duba, ko a gwada ta da ƙamus. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, da kuma ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990.

Ƙa'ida ta farko ita ce a sa gajeriyar jimla a kati, kada a sa kalma tilo. Mu duba kalmar "sha". Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan wahala, duk da kalma ɗaya. Turanci kuwa yana da kalma daban ga kowanne. Ɗalibar da ta haddace cewa "sha" tana da fassara ɗaya, za ta riƙa dasa wannan kalma a ko'ina, mai gyaran jarrabawa ya yi ta jan layi. Ga yadda katunan huɗu za su kasance, gaban kati a hagu, bayansa a dama:

```
Ya sha ruwa.;He drank water.
Ya sha ƙwayar magani.;He took a tablet.
Ya sha taba.;He smoked a cigarette.
Ya sha wahala.;He suffered.
```

Haka abin yake ga kalmar "ji". Jin magana, da jin yunwa, da jin ƙanshi, da jin Hausa, kowanne da yadda Turanci yake faɗarsa. Jimla ce take ɗauko kalma tare da maƙwabtanta, kuma maƙwabtan ne suke tantance fassarar da ta dace.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kati ɗaya, sabon abu ɗaya. A ce ɗalibarmu ta rubuta wannan a darasin aikin gona: "Manoma suna dasa shinkafa idan ruwa ya zauna, sannan su zuba taki bayan sun cire ciyawa." Idan ta sa duk wannan a kati ɗaya, ran bita za ta tuna rabi ta manta rabi, ta rasa ko ta ci ko ta faɗi. Gara ta raba shi gida uku:

```
Manoma suna dasa shinkafa.;Farmers transplant rice.
Sun zuba taki a gona.;They applied fertiliser to the farm.
Sun cire ciyawa.;They removed the weeds.
```

Kowane kati yanzu yana da kalma ɗaya da ake gwadawa, kuma amsarsa ko dai daidai ce ko ba daidai ba. Jimlar da ta wuce kalma bakwai ko takwas, a yi tunanin raba ta.

Ƙa'ida ta uku ita ce gaban kati ya zama yana da amsa ɗaya tak. Idan aka rubuta "Ina kwana?" za a iya amsawa da fassara biyu ko uku, duk kuma daidai. A irin wannan hali sai a ƙara ɗan bayani a ƙasa da fensir, kamar "gaisuwa ga shugaban makaranta", ko a rubuta harafin farko na kalmar da ake nema. Wannan matsala takan fi fitowa idan aka juya katin, aka fara daga Turanci, domin Hausa tana bambanta "ka" da "ki" da "ku", alhali Turanci kalma ɗaya yake da ita ga duka ukun.

Wannan ya kawo mu ga tambayar ta wane gefe za a fara. Karanta Turanci a faɗi ma'anarsa da Hausa ya fi sauƙi, kuma yana taimakawa wajen fahimtar tambayar jarrabawa. Karanta Hausa a fito da Turanci ya fi wuya, amma shi ne yake koyar da rubutu da magana. Wanda ya iya na biyun, galibi ya iya na farkon, amma ba lallai wanda ya iya na farkon ya iya na biyun ba. Saboda haka ɗalibin da zai rubuta insha'i da Turanci ya sa Hausa a gaba.

Akwati mai gida biyar

Da katuna suka yi yawa, sai a buƙaci abin da zai riƙa faɗin wanda ranarsa ta zo. Wani ɗan jarida Bajamushe mai rubutu a kan kimiyya, Sebastian Leitner, ya bayyana dabarar yin haka a wani littafi da ya fitar a 1972. Ya raba akwati gida biyar masu faɗin santimita 1, 2, 5, 8 da 14, ana bitar kowane gida idan ya cika. Ƙaramin gida yana cika da wuri, babba kuwa yana daɗewa, ta haka tazara take ƙaruwa da kanta. Dokar akwatin guda biyu ce: katin da aka ci ya matsa gida na gaba, wanda aka faɗi ya koma gida na farko, ko daga ina yake.

Ga ɗalibin da ke da ranar jarrabawa a gabansa, ya fi sauƙi a yi aiki da kwanan wata. Ɗalibarmu za ta samu ƙaramin kwali, ta raba shi gida biyar da guntayen kwali, ta ba kowane gida tazararsa: gida na 1 kwana 1, gida na 2 kwana 3, gida na 3 kwana 7, gida na 4 kwana 14, gida na 5 kwana 30. Waɗannan alƙaluma ba doka ba ce, ana iya gyara su, muddin dai kowace tazara ta kai kusan ninki biyu na wadda ta gabace ta. Duk katin da zai shiga wani gida, sai ta rubuta ranar bitarsa da fensir a kusurwa, ta sa shi a bayan waɗanda ya tarar. Tunda tazarar gida ɗaya iri ɗaya ce, katunan da ke gaba su ne kullum ranarsu take fara zuwa. Kowace rana sai ta duba gaban kowane gida, ta zare waɗanda ranarsu ta yi.

Yanzu mu bi kati ɗaya, wato na "Ya sha ƙwayar magani". Ta rubuta shi ran 6 ga Janairu, ta karanta shi da ƙarfi sau biyu ko uku, ta sa shi a gida na 1. Ran 7 ta ci shi, ya tafi gida na 2 da kwanan wata 10. Ran 10 ta sake ci, ya tafi gida na 3 da kwanan wata 17. Ran 17 kuwa, bayan mako guda ba ta gan shi ba, sai bakinta ya kawo kalmar shan ruwa a wurin ta shan magani. Sauran jimlar daidai ce, amma kalmar da aka rubuta katin dominta ita ce ta kuɓuce, don haka faɗuwa ce. Katin ya koma gida na 1.

Daga nan ya sake hawa. Ta ci shi ran 18, da ran 21, da ran 28 ga Janairu, sannan ran 11 ga Fabrairu, sai kuma bayan kwana 30, wajen tsakiyar Maris. Idan aka ƙirga, ta gan shi sau 8 cikin wata biyu da 'yan kwanaki. A ce kowace bita daƙiƙa 15 ce, to duk abin da katin ya ci mata minti 2 ne. Katin da ya ci gida na 5 ana iya ɗaure shi da 'yan'uwansa da roba a ajiye, a riƙa fito da su sau ɗaya a kowane zango.

Wajen bitar kanta akwai ladabi. A karanta gaban kati, a faɗi amsa da baki, ko a rubuta ta a takarda idan ana son gwada rubutun kalmomi, sannan a juya. Idan daƙiƙa 10 ta wuce amsa ba ta zo ba, a juya, a karanta, a mayar da shi gida na 1. Wanda ya juya kati kafin ya furta komai, sannan ya ce "ai dama na sani", ya koma ga kallon shafin bayan littafi, sai dai ya ƙara wa kansa wahalar yanka takarda.

Wani zai ji tsoron cewa kwana 30 ya yi nisa. Gaskiya ne bita bayan doguwar tazara ta fi wahala, amma wahalar ce take ƙarfafa riƙon. Harry Bahrick da mutum uku daga iyalinsa sun yi shekara tara suna gwada wannan a kansu da kalmomin Faransanci da Jamusanci, suka wallafa sakamakon a 1993. Sun gano cewa bita 13 masu tazarar kwana 56 sun ba da riƙo daidai da na bita 26 masu tazarar kwana 14.

Kati nawa a rana?

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ranar farko akwai zumuɗi, sai ɗalibi ya zauna ya rubuta kati 50. Bai lura ba cewa kowane sabon kati bashi ne na bita biyar a gaba. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ana ƙara sabon kati 5 a kullum, bayan wata biyu kowane gida zai riƙa fito da kati 5 a rana, wato 25, a ƙara sababbi 5, a ƙara waɗanda suka faɗo, ya zama wajen 35. A kan daƙiƙa 15, wannan bai kai minti 10 ba. Idan kuwa kati 30 ake ƙarawa a kullum, bitar rana za ta haura kati 200, wato fiye da minti 50. Ɗalibin da zai taya aikin gona ko na gida bayan an tashi makaranta ba zai iya ɗaukar wannan ba, kuma ranar da ya fara tsallakewa, ranar ce tarin ya fara fin ƙarfinsa.

Kati 5 a rana ba kaɗan ba ne. Idan ana yi kwana 6 a mako, cikin mako 12 an samu jimla 360. Akwai kuma lissafin jarrabawa. Katin da bai taɓa faɗuwa ba yana buƙatar kwana 55 kafin ya ratsa gidaje biyar. Saboda haka mai jarrabawa a farkon Mayu ya kamata ya rufe ƙofar sababbin katuna a farkon Maris, ya ba sauran lokacin ga waɗanda suke hannu.

Idan aka yi fashi na mako ɗaya ko biyu, kamar lokacin girbin shinkafa ko hutun salla, kada a mayar da komai gida na 1. A dakatar da sababbin katuna, a fara biyan bashi daga ƙananan gidaje, domin su ne suka fi saurin zubewa, a riƙa ɗaukar kati 40 ko 50 a rana har a cimma kwanan wata.

Alamomin cewa wani abu ya karkace

Alama ta farko ita ce katin da yake ta dawowa gida na 1. Idan kati ya faɗi sau huɗu, kada a ci gaba da kokawa da shi, a duba yadda aka rubuta shi. Ko dai ya yi tsawo, ko yana da amsa fiye da ɗaya, ko kuma ɗalibin bai fahimci jimlar ba tun farko. Abin da ba a fahimta ba, kati ba zai fahimtar da shi ba. A koma wurin malami, sannan a sake rubutawa.

Alama ta biyu ita ce katuna biyu da suke shiga juna. Ga misalin da ya saba wahalar da Bahaushe:

```
Na ari littafinsa.;I borrowed his book.
Na ara masa littafina.;I lent him my book.
```

A Hausa tushen kalmar ɗaya ne, a Turanci kuwa kalmomi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Idan suka shiga akwati rana ɗaya, sukan yi musayar amsa. Maganin shi ne a fara sa ɗaya, a jira har ya kai gida na 3, sannan a sa ɗayan.

Alama ta uku ita ce haddace katin a maimakon jimlar. Ɗalibi yakan gane kati ta wani ɗigon manja da ke jikinsa, ko ta katin da ya saba zuwa kafinsa. Ana gano haka idan wani ya karanta masa gaban katin da baki sai ya kasa. Don haka a riƙa garwaya katunan ranar kafin a fara, kuma sau ɗaya a mako a ba aboki ya yi tambayar.

Malami yana iya auna lafiyar akwatin ɗalibinsa cikin minti 3. Ya zare kati 10 daga waɗanda ranarsu ta yi a gida na 4, ya tambaya. Idan an ci 8 ko 9, tazarar ta yi daidai. Idan abin ya gaza 7, a rage tazarar ko a rage sababbin katuna. Idan kullum 10 ake ci ba tare da ko tsayawa tunani ba, ana ɓata lokaci, a ƙara tazarar.

Mai waya ko kwamfuta

Ana iya ba na'ura aikin lissafin ranaku. Wani ɗan ƙasar Poland, Piotr Woźniak, ya rubuta manhajar SuperMemo a 1987. A tsarinsa, bita ta farko bayan kwana 1 ce, ta biyu bayan kwana 6, daga nan a riƙa ninka tazara da wani adadi da yake farawa daga 2.5, wanda yake raguwa idan kati yana ba da wuya. Ke nan kati mai sauƙi zai bi kwana 1, 6, 15, sannan wajen 38. A kan wannan tsari aka gina manhajar Anki, wadda ta fito a 2006, kuma tana da nau'in waya mai suna AnkiDroid da ake samu kyauta. Yadda aka jera katuna a misalan da suka gabata, da alamar ; tsakanin gaba da baya, ana iya buga su haka a fayil a shigar da su Anki a kwamfuta. A adana fayil ɗin a tsarin UTF-8 domin haruffa masu ƙugiya su fito daidai. Sai dai manhaja ba ta duba ingancin fassara, ba ta kuma raba doguwar jimla. Duk ƙa'idojin rubuta kati suna nan yadda suke, kuma akwatin kwali ba ya jiran caji.

Kammalawa

Kati yana da iyaka. Ba ya koyar da lafazi, sai an ji jimlar daga bakin wanda ya iya. Ba ya kuma koyar da haɗa jimloli su zama insha'i. Saboda haka yana da kyau a kowane ƙarshen mako ɗalibi ya zaɓi kati 5 daga gida na 4, ya gina sababbin jimloli da su, ya canza mai aikin ko lokacin aikin, ya kai wa malami ya duba. Wanda ya haddace yadda ake faɗin "Manoma suna dasa shinkafa" ya gwada faɗin "Mun dasa tumatir bara". Idan ya iya, jimlar ta zama tasa.

Ga mai son farawa, aikin yau kaɗan ne. Ya buɗe bayan littafinsa, ya zaɓi jimla 5, ya kai wa malami ya tabbatar da fassararsu, ya yanka kati 5, ya rubuta kwanan watan gobe a kusurwar kowanne. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.